Bayanin Sirri a Manhajar Kiran Suna

Manhajar kiran suna tana ajiye sunan ɗalibi, ajinsa da ranakun da ya zo ko ya yi fashi. Bayanin sirri shi ne rubutun da ke gaya wa iyaye makomar waɗannan bayanai. Wajibi ne ya fito fili, domin dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta nemi yardar iyaye in ana dogara da izini wajen sarrafa bayanan yara.

Jimla irin "za a iya raba bayanai da abokan hulɗa" ba ta faɗi komai ba. Mai kyau ita ce: "Malamin aji da shugaban makaranta kaɗai ke ganin sunan ɗanku, kuma za a goge shi shekara guda bayan ya bar makaranta." Sannan a faɗi wanda za a tuntuɓa don gyara kuskure.