Wasiƙar Manaja Zuwa Sashen Kwamfuta: Yadda Sanarwar Kwangila Ke Isa Sashen Sayayya Kai Tsaye

A kamfanonin da ke neman kwangila, sanarwar aiki takan shigo ne ta imel, kuma sau da yawa takan faɗa akwatin da bai dace ba. Ta sauka a babban adireshin kamfani wanda sakatare ke buɗewa, ko a akwatin manaja da kansa, alhali waɗanda za su nemo farashin kaya su haɗa takardu suna sashen sayayya. Kowace sanarwa kuwa tana ɗauke da ranar rufewa da sa'ar rufewa, wanda ya makara ba a karɓar takardunsa. Shi ya sa manajoji ke rubuta wa sashen kwamfuta wasiƙa suna neman a saita tsarin imel ya riƙa tura irin waɗannan saƙonni zuwa sashen sayayya da kansa, ba sai wani ya danna ba.

Ana yin buƙatar a rubuce ne saboda tura saƙon wani akwati zuwa wani akwatin ba ƙaramin abu ba ne. Ɓarayin intanet da suka kutsa imel ɗin kamfani sukan dasa irin wannan ƙa'ida a ɓoye don su riƙa karanta wasiƙun kuɗi. Don haka jami'in kwamfuta mai sanin aikinsa ba ya taɓa akwatin kowa da umarnin baki. Yana so ya ga sa hannun mai iko, ya ajiye a fayil, domin ranar da mai binciken kuɗi ya tambayi wanda ya ba da izini a sami amsa.

Yawancin irin wannan wasiƙa takan zo da layi ɗaya: a riƙa tura duk sanarwar kwangila zuwa sashen sayayya. A wurin manaja magana ta ƙare. A wurin na'ura kuwa ba a faɗi komai ba, domin ita ba ta san kwangila ba. Abin da take iya gani shi ne wanda ya aiko, wanda aka aika wa, da kalmomin da ke kan taken saƙo ko cikinsa. Aikin wasiƙa shi ne ta juya nufin manaja zuwa waɗannan abubuwan.

A ɗauki misalin kamfanin da ke sayar da kayan asibiti a Kano. Sanarwa na zuwa masa daga ma'aikatun gwamnati, daga ƙungiyoyin agaji, da kuma daga dandalin sayayya na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNGM, wanda ke aika wa masu biyan kuɗin shiga sanarwa ta imel. Wasiƙar manajan tana iya kasancewa haka:

“Zuwa ga Shugaban Sashen Kwamfuta. Bayan gaisuwa, ina buƙatar a saita tsarin imel ta yadda duk saƙon da ya shigo `info@example.com` yana ɗauke da ɗaya daga cikin kalmomin da na haɗa a takarda ta biyu za a aika kwafinsa zuwa `sayayya@example.com`. A bar asalin saƙon a inda ya sauka. Kada a tura komai zuwa adireshin da ba na kamfani ba. A yi gwaji tare da shugaban sashen sayayya kafin a fara, a sanar da ni a rubuce idan an kammala. Za mu sake duba tsarin bayan wata uku. Na gode.”

Jimlar da ta ce a bar asalin saƙon ita ce mafi nauyi a wasiƙar. Akwai hanyoyi uku da tsarin imel ke iya bi, kuma sakamakonsu ba ɗaya ba ne. Ta farko ita ce turawa ta yau da kullum, wadda a Outlook take bayyana da `FW:` a gaban take. A nan saƙon yana isa sashen sayayya kamar daga akwatin kamfani ya fito, don haka jami'in da ya danna `Reply` yana neman ƙarin bayani, amsarsa za ta koma wa sakatare ne, hukumar da ta ba da sanarwar ba za ta gani ba. Ta biyu ita ce karkatarwa, wadda ke riƙe sunan mai aikowa na asali, amma idan a babbar na'urar imel aka yi ta, akwatin farko ba zai ga saƙon ba sam. Ta uku ita ce ƙara sashen sayayya a cikin masu karɓar kwafi. Ita ce ta fi dacewa da wannan aiki, domin saƙon yana isa wurare biyu kuma sunan mai aikowa bai canza ba.

Sai inda za a dasa ƙa'idar. Ana iya saka ta a cikin akwatin mutum ɗaya, ana kuma iya saka ta a babbar na'urar da duk saƙonnin kamfani ke ratsawa. Wadda ke akwatin mutum tana rayuwa ne da akwatin: ya bar aiki aka rufe shi, ta mutu, kuma babu wanda zai ji ƙararrawa. Wasu ƙa'idojin Outlook ma ba sa aiki sai manhajar tana buɗe a kwamfutar mai akwatin, wanda ke nufin daga yammacin Juma'a zuwa safiyar Litinin babu abin da ke wucewa. A kamfanin da ke amfani da Microsoft 365, jami'in kwamfuta zai kafa ta a babbar na'ura da umarni irin wannan:

```
New-TransportRule -Name "Sanarwar kwangila" `
 -SentTo info@example.com `
 -SubjectContainsWords "invitation to tender","invitation to bid","RFQ","addendum" `
 -CopyTo sayayya@example.com
```

Umarnin na cewa: duk saƙon da aka aiko wa adireshin farko, in takensa na ɗauke da ɗaya daga cikin kalmomin nan, a ƙara adireshi na biyu a masu karɓar kwafi. Mai amfani da Gmail zai yi makamancinsa ta hanyar matatar saƙo, sai dai Gmail ba ya fara turawa sai adireshin da za a tura wa ya amince ta saƙon tabbatarwa, kuma sababbin saƙonni kaɗai yake turawa, waɗanda suka riga suka shigo suna nan inda suke.

Jerin kalmomin shi ne zuciyar aikin, kuma ba jami'in kwamfuta ne ya kamata ya tsara shi ba. Sashen sayayya ne ya san yadda sanarwa ke zuwa. Hanya mai kyau ita ce a tattaro sanarwar da ta shigo cikin watannin baya a karanta takensu ɗaya bayan ɗaya. Nan za a ga wata ta ce `Invitation to Tender`, wata `Expression of Interest`, wata `Request for Quotation`, wata kuma taƙaitattun haruffa kawai. Kamfanin da ke neman aiki a Jamhuriyar Nijar zai ƙara `appel d'offres`, tunda sanarwar can da Faransanci take fitowa. Kalmar da aka fi mantawa ita ce `addendum`, da 'yar uwarta `corrigendum`. Da su ake sanar da gyara a kan sanarwar farko, kamar sauya ranar rufewa ko canza adadin kayan da ake nema. Kamfanin da ya sami sanarwa bai sami gyaranta ba zai yi farashi a kan takardar da ta riga ta tsufa.

Jerin ya yi faɗi, sashen sayayya zai cika da tallace-tallace har ya daina buɗe saƙonni. Ya yi ƙunci, sanarwa ta gaskiya za ta sulale. Akwai kuma wadda babu jerin da zai kama ta: saƙon da takensa ya ce kawai `Please see attached`, bayanin duka yana cikin hoton takarda da aka maƙala. Maganin wannan shi ne ƙa'ida ta biyu da ke duba mai aikowa. A rubuta adireshin hukumomin da aka saba hulɗa da su, duk abin da suka aiko a kwafa shi, kowane irin take ya ɗauko.

Haramcin tura saƙo waje ma yana da dalili. Wani jami'in sayayya zai ce a tura masa a imel ɗinsa na kansa don ya riƙa gani a waya. Microsoft 365 yana toshe turawa ta kai tsaye zuwa adireshin waje sai an buɗe ta da gangan, kuma alamar hakan ita ce saƙo ya dawo da lambar `5.7.520`. Ko da an buɗe, takardun kamfani za su taru a akwatin da kamfani ba shi da iko a kansa, ranar da ma'aikacin ya tafi ya tafi da su. Adireshin sashe wanda mutum biyu ko uku ke iya buɗewa ya fi, domin hutun haihuwa ko tafiya Hajji ba za su tsayar da aiki ba.

Idan ma'aikatar ita ce mai bayar da kwangila, akwai iyaka ta doka. Dokar sayayyar gwamnati ta Najeriya ta 2007, wadda ta kafa hukumar BPP, ta tanadi a miƙa takardun neman kwangila a rufe, a buɗe su a bainar jama'a bayan wa'adi ya cika. Ƙa'idar imel da ke kama kalmar `tender` kawai tana iya kwafar farashin wani ɗan kwangila zuwa idanun da bai kamata su gani ba tukuna. A irin wannan wuri dole wasiƙar ta bambanta sanarwa da takardun masu nema, ta kuma ce na biyun ba sa cikin abin da za a tura.

Gwaji ba shi da wahala. Daga wani adireshin waje a aiko da saƙo uku: ɗaya da kalmar da ke cikin jeri, ɗaya ba shi da ita, ɗaya kuma da kalmar tare da babbar takarda a maƙale. Na farko da na uku su isa sashen sayayya, na biyu kada ya isa. Sabuwar ƙa'ida takan ɗauki kamar rabin sa'a kafin ta fara aiki, don haka kada a yanke hukunci a minti na farko. In saƙo ya ɓace, jami'in kwamfuta zai bi sawunsa da `Message trace` ya ga inda ya tsaya. Sau da yawa matatar saƙonnin banza ce ta tsare shi. Daga baya, alamar lalacewa ita ce shiru: mako ya wuce babu sanarwa ko ɗaya a lokacin da aka saba ganinsu.

Ƙa'idar ba ta tantance gaskiyar saƙo. Sanarwar bogi da ke neman a biya kuɗin fom a asusun wani mutum za ta wuce kamar kowace, sai jami'in sayayya ya tabbatar da ita a shafin hukumar da aka ambata. Haka kuma sanarwar da ta fito a jarida ko a mujallar kwangiloli ta tarayya kaɗai ba za ta taɓa shiga akwatin imel ba, dole a ɗora wa wani ma'aikaci duba waɗannan kowane mako.