Abin da Alƙaluman Kallo Ke Faɗa wa Masu Tashoshin Wa'azi

A zamanin da Sheikh Abubakar Mahmud Gumi ke tafsirin azumi a Masallacin Sultan Bello na Kaduna, gidan rediyo na yaɗa karatun har ƙauyuka, amma babu mai iya cewa mutum nawa suka saurara zuwa ƙarshe, mutum nawa kuma suka kashe akwati a tsakiya. Yau matashin da ke kula da tashar malaminsa a YouTube yana da wannan bayani a tafin hannunsa, minti da minti. Abin da ya rage shi ne ya iya karanta shi, don kuwa da yawa yawan masu kallo kaɗai suke dubawa, alhali shi ne adadin da ya fi yaudara.

Tun shekarar 2012 YouTube ya sanar da cewa zai fifita tsawon lokacin da ake ɗauka ana kallo a kan yawan latsawa. A 2018 kuma, ya gindaya sharaɗin cewa tashar da ke son kuɗin talla sai ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata goma sha biyu. Shi ya sa a manhajar YouTube Studio, ƙarƙashin Analytics, ake samun adadi biyu da ya kamata a bambanta. Na farko jimillar awoyin da aka kalla. Na biyu kason bidiyon da matsakaicin mai kallo ya gani kafin ya fita, tare da wani zane mai gangarowa da ke nuna mutum nawa suka rage a kowace daƙiƙa.

A ɗauki misalin tashar da ta saki bidiyo uku a wata guda. Tafsiri na awa ɗaya, an kalle shi sau 2,000, matsakaicin zama minti 12: awa 400 ke nan, kashi 20 cikin ɗari. Bayanin ƙabli da ba'adi na minti 8, an kalle shi sau 5,000, ana zama minti 5: kusan awa 417, fiye da kashi 60. Sai raddin da aka yi wa wani malami, minti 15, mai zazzafan take, an kalle shi sau 20,000, amma ana zama minti ɗaya da rabi: awa 500, kashi 10.

Mai gaggawa zai ce raddi ne ya ci kasuwa, gobe a sake wani. To amma minti ɗaya da rabi bai isa a ji hujja ko guda ba. Mutanen sun zo ne su ji wa aka taɓa, suka ji, suka wuce. Idan aka duba bangaren Audience, inda ake raba sababbin masu kallo da masu dawowa, a nan za a gane ko cincirindon ya bar wa tashar ɗalibai ko kuwa 'yan kallon rigima ne. Karatun ƙabli da ba'adi shi ne ya riƙe mutane, kuma idan rahoton hanyoyin shigowa ya nuna yawancinsu ta YouTube search suka zo, to da kansu suka rubuta tambayar. Wannan alama ce mai ƙarfi, domin irin wannan bidiyo yakan ci gaba da samun masu nema watanni bayan an manta da rigimar makon. Babin rafkanwa na Ahalari kaɗai zai ba da darussa da dama: wanda ya manta zaman tahiyar farko, wanda ya yi shakkar raka'a, mamun da ya riski liman a tsakiyar salla.

Shi kuwa tafsirin, kuskure ne a ce ya faɗi don kashi 20 ya samu. Ba a gwada dogon karatu da gajere. YouTube ma da bidiyoyin tashar masu kusan tsawo ɗaya yake kwatanta kowane sabon bidiyo. Amfanin tafsirin yana cikin zanensa. A ce layin yana gangarowa sannu a hankali, sai a minti na 38 ya yi tudu. Aka koma aka saurara, sai aka tarar a nan malam ya shiga aya ta 11 da ta 12 na Suratun Nisa'i, yana lissafa rabon gado. Tudu na nufin mutane sun tsallako zuwa wurin ko sun maimaita shi. Ga maudu'in wata mai zuwa ya fito da kansa: gado, a gutsuttsura shi, kason mata daban, na uwa daban, na 'ya'ya mata daban, kowanne da lissafi a kan allo.

Sai dai tudu yana da fuska biyu. Ana maimaita wuri don ya yi daɗi, ana kuma maimaita shi don ba a gane ba, ko don janareta ya tashi ya danne muryar malam. Babu yadda za a rarrabe sai an saurara da kunne, an kuma karanta tambayoyin da mutane suka aiko.

Haka rami a farkon zane ba lalle laifin maudu'i ba ne. YouTube na nuna kason da ya rage bayan daƙiƙa 30 na farko. Tashar da ke buɗewa da tambari mai juyawa, da jerin gaishe-gaishen manyan baƙi, da gyaran lasifika, za ta zubar da jama'a kafin a ce komai, musamman masu lissafin data. Gyaran na mai tace bidiyo ne: a bar basmala da salati, a faɗi tambayar da za a amsa, a yanke sauran. Kafin a yanke wa wani fanni hukuncin rashin farin jini, a sake gwada shi da gyararriyar buɗewa.

Lokaci ma yana rikita lissafi. Tambayar zakkar fidda kai tana tashi ne a goman ƙarshe na Ramadan, ta layya a farkon Zulhijja. Tun da shekarar Hijira na gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, gwada Maris ɗin bana da na bara bai da ma'ana; Sha'aban ake gwadawa da Sha'aban. Mai dabara yakan duba abin da aka nema a azumin bara, ya naɗi amsoshin tun a Rajab.

Akwai kuma abin da alƙaluman ba sa gani sam. Karatun da aka sauke aka tura ta WhatsApp, ko aka zuba a kati a shagon masu turi, ko aka kunna a motar haya daga Kano zuwa Maraɗi, ba ya shiga lissafi. Karatuttukan Sheikh Ja'afar Mahmud Adam, wanda aka kashe a Kano a 2007, sun daɗe suna yawo ta irin waɗannan hanyoyi. Tsofaffi da matan da ba su da wayar kansu galibi ta nan suke saurare, kuma tashar da ta bi allo kaɗai za ta daina yi musu magana ba tare da ta sani ba.

Don haka raba aiki ya fi dacewa. Mai kula da tasha ya kawo wa malam takarda duk wata: tambayoyin da aka fi nema, mintocin da aka maimaita, wuraren da aka gudu. Malam ya zaɓi abin da za a karantar, har da babukan da ba sa jan jama'a, irin su wankan gawa da hukuncin bashi. Idan zanen irin waɗannan ya gangara, a gajarta su, a sauya take, a sake sakinsu, amma kada a cire su daga jadawali.