Makkiyya ko Madaniyya: Abin da Kan Sura Yake Gaya wa Mai Karatu

A yawancin bugun Alƙur'ani, kafin a kai ga Bisimilla, akan sami wata 'yar kalma a jikin sunan sura: Makkiyya ko Madaniyya. Masu tilawa kan wuce ta ba tare da sun ɗaga ido ba. Amma malaman tafsiri, musamman masu karanta Jalalaini a watan azumi, da ita suke buɗe kowace sura, har sukan ƙara da cewa ban da aya kaza da aya kaza. Dalilinsu shi ne, Alƙur'ani ya sauka ne kaɗan-kaɗan cikin kusan shekara 23, kuma tsarin surorinsa a cikin Mus'hafi bai bi jerin saukarsu ba. Wanda bai san wace aya ta riga wata ba yana iya riƙe matakin farko na wani hukunci ya ɗauka shi ne na ƙarshe.

Ma'aunin da mafi yawan malamai suka tsaya a kai na lokaci ne. Duk abin da ya sauka kafin Hijira, wadda aka yi a shekarar 622 Miladiyya, Makkiyya ne. Duk abin da ya sauka bayanta Madaniyya ne, ko da a tsakiyar Makka ya sauka. Ayar Suratul Ma'ida da ke maganar cikar addini ta sauka ne a filin Arfa, ranar Juma'a, a Hajjin Bankwana, shekara ta 10 bayan Hijira, amma duk da haka Madaniyya ce. A ƙidayar da ta fi yaɗuwa, surori 86 ne Makkiyya, 28 Madaniyya. Imam Suyuɗi, wanda ya rasu a 911 Hijiriyya, da wannan babi ya fara littafinsa Al-Itƙan, kuma ya kawo wata ƙidaya da ta ce an haɗu a kan surori 20 cewa na Madina ne, an saɓa a kan 12, sauran kuwa na Makka ne.

Babu inda amfanin wannan sani ya fi fitowa fili kamar a maganar giya. Wurare huɗu ne ake yawan kawowa. Akwai aya ta 67 a Suratun Nahli, sai ta 219 a Baƙara, sai ta 43 a Nisa'i, sannan ta 90 da 91 a Ma'ida. Lambobin na ƙidayar bugun Hafsu ne, mai riƙe da bugun Warshu zai iya ganin wasu sun matsa kaɗan.

A ɗauki mutum biyu. Na farko ya fara sauka daga Fatiha yana yin gaba. Zai haɗu da Baƙara, da Nisa'i, da Ma'ida, sai can a sura ta 16 ya riski Nahli, inda aka ambaci cewa mutane na samun abin maye da kuma kyakkyawan abinci daga 'ya'yan dabino da inabi, ba tare da wani hani a fili ba. Na biyu almajiri ne da ya faro allonsa daga Nasi yana hawowa sama, kamar yadda aka saba a tsangaya. Shi kuma Nahli zai fara tararwa, ya ƙare da Baƙara, inda aka ce a cikin giya da caca akwai babban zunubi da wasu amfanoni ga mutane, amma zunubin ya fi yawa. Ta kowace fuska aka bi, ayar da mutum zai gani a ƙarshe ba ita ce ta sauka a ƙarshe ba.

Jerin saukar kuwa ga yadda yake. Nahli Makkiyya ce, ta zo lokacin da Musulmi 'yan tsiraru ne a cikin Ƙuraishawa, ba su da hukuma, kuma giya tana cikin rayuwar yau da kullum ta Larabawa. Surar tana lissafa ni'imomin Allah ne, ruwan sama da nono da zuma, don ta kafa hujjar tauhidi. Duk da haka malamai sun lura cewa an kira abincin kyakkyawa, ba a kira abin mayen haka ba. Jalalaini ya bayyana a taƙaice cewa wannan kafin haramci ne, kuma Alƙali Ibnul Arabi, malamin Malikiyya na Andalus, da wannan hujjar ya warware ta: aya ta Makka ce, haramcin giya kuwa a Madina aka yi shi.

Bayan Hijira sai sahabbai suka yi tambaya, amsar ta zo a Baƙara. Wasu suka bari saboda zunubin, wasu suka ci gaba tun da ba a hana kai tsaye ba. Daga nan sai abin da Tirmizi ya ruwaito: Abdurrahman ɗan Aufu ya yi walima, aka ci aka sha, lokacin salla ya yi, wanda ya ba da sallar ya rikita karatun Suratul Kafiruna har ma'anar ta juye. Sai ayar Nisa'i ta hana kusantar salla cikin maye. Da salloli biyar a rana, lokacin sha ya tsuke ƙwarai, ya koma bayan lisha ko bayan asuba. A ƙarshe Ma'ida ta haɗa giya da caca da gumaka da kiban ƙuri'a, ta kira su ƙazanta daga aikin Shaiɗan, ta ce a nisance su. Anas ɗan Malik, kamar yadda Bukhari ya ruwaito, yana cikin shayar da baƙi a gidan Abu Ɗalha aka ji mai shela, sai aka ce masa ya fita ya zubar, giya ta kwarara a lungunan Madina.

Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta bayyana hikimar wannan jeri. Ma'anar maganarta a Bukhari ita ce, surorin farko sun yi ta ambaton Aljanna da wuta ne, sai da zukata suka karkata ga Musulunci sannan halal da haram suka sauka, da kuwa da hanin giya aka fara, da mutane sun ce ba za su taɓa bari ba.

Wani misalin ya shafi manoma kai tsaye. A Suratul An'am, aya ta 141, an ambaci gonaki da dabino da zaitun da rumman, aka ce a ba da haƙƙinsu ranar girbi. Mai karatu na yau zai ce ai zakka ke nan. To, An'am Makkiyya ce, zakkar da aka sani da nisabinta, wato ausuƙi biyar a hatsi, da ushiri a gonar da ruwan sama ya shayar da rabin ushiri a wadda aka yi wa ban ruwa da wahala, a Madina aka tsara ta. Daga nan malamai suka rabu gida uku. Wasu sun ce zakkar ce ake nufi, cikinsu har da masu ganin wannan ayar Madaniyya ce da aka sanya a surar Makka. Wasu sun ce wani haƙƙi ne dabam, ɗan abin da manomi zai damƙa wa miskinin da ya zo bakin gona ranar yanka. Wasu kuma sun ce umarni ne na farko wanda zakka ta zo ta maye gurbinsa. Duka ra'ayoyin uku daga tambaya guda suka taso, wato yaushe ayar ta sauka.

Ta yaya aka san amsar? Ba a ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zauna ya rarraba surorin gida biyu ba. Sahabbai ne suka ga saukar da idonsu suka faɗa wa tabi'ai. Abdullahi ɗan Mas'ud ya rantse cewa babu wata sura da bai san inda ta sauka ba. Ruwaya ingantacciya ita ce hanya ta farko. Inda ba a same ta ba, sai a koma ga alamomin da malamai suka tattara. Kalmar tsawatarwa ta "kalla" ta zo sau 33 a surori 15, duka a rabin Alƙur'ani na biyu, kuma duka na Makka. Surorin da suka buɗe da haruffa irin su Alif Lam Mim galibi na Makka ne, ban da Baƙara da Ali Imrana, Ra'adu kuma ana saɓani a kanta. Inda aka ga rabon gado, ko haddi, ko maganar munafukai, ana kyautata zaton Madina, domin munafunci bai zama matsala ba sai da Musulunci ya yi ƙarfin da wani zai shige shi don tsoro ko kwaɗayi. Ayoyin Makka kuma sun fi zama gajeru masu kaifi, na Madina dogaye masu warware bayani, kamar ayar bashi a ƙarshen Baƙara da ta kusa cinye shafi guda.

Alamomin nan suna da iyaka. Suratul Ankabut Makkiyya ce amma ta ambaci munafukai a farkonta. Kiran da ake yi wa mutane gaba ɗaya an fi saninsa da Makka, amma da shi Nisa'i ta buɗe, alhali Madaniyya ce. Haka nan abin da aka rubuta a kan sura hukunci ne na galibinta. Ita kanta Nahli, da yawan malamai sun cire ayoyinta uku na ƙarshe, suka ce bayan yaƙin Uhudu suka sauka, lokacin da Musulmi suka ga abin da aka yi wa gawar Sayyidina Hamza suka ƙudurci ramuwa fiye da kima, sai aka umarce su da kada su wuce gwargwadon abin da aka yi musu, aka kuma nuna musu haƙuri ya fi. Wanda ya karanta su a matsayin ayoyin Makka zai rasa wannan fage gaba ɗaya.

Akwai kuma kuskuren da ke bin bayan ɗan ƙaramin sani, wato mutum ya ɗauka duk ayar Makka an shafe ta da ta Madina. Shafewa na shiga umarni da hani ne kawai, ba ta shiga labari, ko aƙida, ko ginshiƙan ɗabi'a. Biyayya ga iyaye, cika mudu, kiyaye dukiyar maraya da haramcin kisan kai duk a Makka aka kafa su, suna nan daram a An'am da Isra'i. Ko ayar Nahli ma, wasu malamai ba sa kiranta shafaffiya, domin labari take bayarwa na abin da mutane ke yi. Imam Shaɗibi, wanda ya rasu a 790 Hijiriyya, ya yi bayani a Al-Muwafaƙat cewa ana fahimtar Madaniyya ne a matsayin gini a kan Makkiyya, tana fayyace abin da aka dunƙule, tana cika abin da aka fara.

Saboda haka idan aka kawo wa mutum aya guda a matsayin hujja, a wa'azi ko a muhawarar majalisa, malamai na bin matakai sanannu kafin su amsa. Sukan duba kan surar, su duba ko ayar tana cikin waɗanda aka keɓe, su nemi dalilin saukarta a littattafai irin na Wahidi, sannan su jero sauran ayoyin da suka yi magana a kan mas'alar bisa jerin saukarsu, tare da hadisan da suka bayyana su. Mai karatun da ba shi da Larabci zai iya yin matakin farko da na biyu da fassarar Hausa da ke da bayanin kan sura, sauran kuma ya kai wa malamin da ya karanci tafsiri.