Ruwa kan ruwa: yadda naira dubu ɗari ke zama miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai

A ɗauka ya da ƙanwa ne suka sami rabon gado, kowace naira 100,000, suka kai ajiya inda ake ba da kashi 10 cikin 100 a shekara. Babbar duk ƙarshen shekara sai ta je ta karɓi ribarta, naira 10,000, ta ƙulle a akwati. Ƙaramar kuwa ta ce a bar mata ribar a ciki, a haɗa ta da uwar kuɗin. Daga wannan shawara guda ɗaya hanyoyinsu suka rabu.

Ajiyar babbar ita ce ta sassauƙan ruwa: a kan uwar kuɗin kaɗai ake lissafi, don haka abin da ta samu bana shi za ta samu baɗi, har illa masha Allahu. Ta ƙaramar kuwa ruwa kan ruwa ne. Shekarar farko kuɗinta ya zama 110,000. A ta biyu, kashi goman a kan 110,000 za a cire shi, wato 11,000, kuɗin ya koma 121,000. A ta uku ribar ta kai 12,100, jimla 133,100. Duk mai kiwo ya san wannan lissafin ko bai taɓa shiga banki ba: wanda ke sayar da 'ya'yan akuyarsa duk haihuwa yana nan da akuya ɗaya, wanda ya bar su suka girma suka haihu shi ke wayar gari da garke.

Abin da ke sa mutane da yawa su raina wannan tsari shi ne farkonsa ba ya burgewa. Bayan shekara biyar babbar tana da 150,000, ƙaramar 161,051. Ratar ba ta kai dubu goma sha biyu ba, kuma mai buƙatar kuɗin cefane zai ce wannan bai isa a yi masa haƙurin shekara biyar ba. Amma a shekara ta 10 lissafin ya zama 200,000 da 259,374. A ta 20, babbar tana 300,000, ƙaramar ta kai 672,750. Ranar da aka cika shekara 30, yayar na riƙe da 400,000, ƙanwar kuwa 1,744,940. A shekarar ƙarshen nan kaɗai, ribar da ta hau kan kuɗin ƙaramar ta kai naira 158,631, fiye da duk abin da ta fara ajiyewa, alhali yayarta na kan karɓar dubu gomanta. Fiye da rabin dukiyar ƙanwar a shekaru goman ƙarshe ta taru, shi ya sa wanda ya janye kuɗinsa a tsakiyar tafiya yake barin mafi tsoka a baya.

Akwai hanya mai sauƙi ta ƙiyasta wannan ba tare da na'urar lissafi ba. A raba 72 da kason ribar shekara, abin da ya fito shi ne kimanin shekarun da kuɗi zai ɗauka kafin ya ninka. A kashi 10, shekara bakwai da 'yan watanni ke nan. A kashi 6, shekara 12. Dabarar tsohuwa ce, domin masanin lissafin nan na Italiya, Luca Pacioli, ya ambace ta a littafinsa na 1494. Da ita za a gane abin da ya faru da ƙanwar: cikin shekara 30 kuɗinta ya ninka sau huɗu da ɗoriya, daga ɗari zuwa ɗari biyu, zuwa ɗari huɗu, ɗari takwas, har dubu ɗaya da ɗari shida.

An taɓa gwada abin a zahiri na tsawon ƙarni biyu. Benjamin Franklin, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Amurka, ya rasu a 1790 ya bar wasiyyar fam 1,000 ga birnin Boston, wani fam 1,000 ga Philadelphia. Ya ce a riƙa ba matasa masu sana'ar hannu rance a kan kashi 5 cikin 100, abin da suka biya a sake ba wasu. A lissafinsa kowane fam dubu zai kai 131,000 bayan shekara ɗari, inda da sassauƙan ruwa ne fam 6,000 kacal zai zama. Kuɗin bai kai abin da ya hango ba, saboda wasu masu rancen sun kasa biya, wasu lokutan kuma ba a sami masu karɓa ba. Duk da haka, kuma duk da an cire kaso mafi girma bayan shekara ɗarin farko don ayyukan jama'a kamar yadda ya yi wasiyya, ragowar ta kai sama da dala miliyan huɗu a Boston da kimanin miliyan biyu a Philadelphia a 1990.

Giɓin da aka samu tsakanin lissafin Franklin da abin da ya faru ya cancanci a tsaya a kansa, domin ita ma asara ninkuwa take yi. Idan caje-cajen masu kula da ajiya suka zaftare maki biyu, riba ta sauko daga kashi 10 zuwa 8, kuɗin ƙanwar nan a shekara 30 zai tsaya a 1,006,266. Maki biyun da ba a ɗauka a bakin komai ba sun cinye fiye da naira dubu ɗari bakwai. Tsadar kaya ta fi haka ɓarna. A 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin 100, kuma a irin wannan gudu farashi kan ninka cikin kimanin shekara biyu da rabi. Ajiyar da ke ba da kashi 10 a irin wannan shekara adadinta na ƙaruwa a takarda, amma buhunan shinkafar da za ta iya saya raguwa suke yi. Saboda haka kason da ya kamata mai ajiya ya duba shi ne abin da ya rage bayan an debe caji da hauhawar farashi.

Masu karatu da yawa za su ce ruwa haramun ne, kuma ba sa kusantarsa. Lissafin bai dogara da ruwa ba. Duk wata riba da aka mayar cikin jari haka take ninkuwa, ko ta Sukuk ɗin da gwamnatin tarayya ta fara fitarwa a 2017, ko ta asusun mudaraba a bankunan da ba sa mu'amala da ruwa irin Jaiz, ko ta mai shagon da ke ƙara ribarsa a kan kaya. Bambancin shi ne ribar kasuwanci tana hawa tana sauka, don haka ba za a samu jerin lambobi masu santsi kamar na 'yan'uwan nan biyu ba.

Wajen da ake yawan yin tuntuɓe shi ne zaton cewa kowace ajiya tana ninka kanta. Takardun lamunin ajiya na gwamnatin tarayya, waɗanda Ofishin Kula da Basussuka ya ƙaddamar a 2017 kuma ake iya saye daga naira 5,000, suna turo ribarsu asusun mutum duk wata uku. Idan ya kashe ta ko ya bar ta zaune, hanyar yayar ya bi. Sai ya sake zuba ta da hannunsa sannan ta fara haihuwa. Asusun fansho na ma'aikata kuwa ribarsa a ciki take zama har zuwa ritaya, shi ya sa wanda ya fara yana ɗan shekara 25 yakan tara fiye da wanda ya fara yana 40 nesa ba kusa ba, ko da albashinsu ɗaya. Hanyar ganewa ita ce a duba takardar bayanin asusu ta shekara biyu a jere: idan kason bai canja ba, ba a ƙara ko sisi ba, amma ribar bana ta fi ta bara, to ana haɗa ta da uwar kuɗin. Idan daidai suke, wani wuri take fita.