Ko ka san wayarka na iya karanta katin bikin Basine ta kuma ɓatar da kai game da ranar?

Ɗan kasuwar da ke zuwa Guangzhou saro kaya, idan hulɗa ta yi nisa, wata rana mai kamfani zai turo masa hoton jan kati da rubutun ruwan zinariya: ɗansa zai yi aure. Abin da kowa ke yi yanzu shi ne ya ɗora manhajar fassara a kan hoton. Google Translate ya samu Hausa tun 2013, ya fara fassara ta kyamara kai tsaye a 2015, amma a cikin ƙasar Sin ba ya buɗuwa kai tsaye, don haka WeChat aka fi riƙewa. Ko wacce ka ɗauka, aiki biyu take yi a jere. Da farko tana tantance siffar haruffan da ke hoton ta mai da su rubutu, sannan ta fassara abin da ta tantance. In matakin farko ya karkace, na biyu zai fassara kuskuren da cikakken ƙarfin gwiwa. Katin biki kuwa ya tara duk abin da ke rikita matakin farko: ƙyallin zinariya, rubutun ado irin na hannu, da layuka masu saukowa daga sama zuwa ƙasa, ana farawa daga dama. Alamar an samu matsala ita ce ka ga sunan ango ya zama jimla, ko jimloli sun tsinke a tsakiya. Maganinsa sabon hoto ba filasha, a yanke shi layi-layi.

Haɗarin da ya fi wannan yana zuwa ne lokacin da na'urar ta karanta komai daidai. Katin gargajiya yakan ɗauki kwanan wata biyu, kamar yadda namu ke ɗaukar na Hijira da na Miladiyya. Layin da ya fara da 公历 na Miladiyya ne, wanda ya fara da 农历 na kalandarsu ta wata ne. A ɗauki bikin 1 ga Oktoba, 2024, lokacin hutun ƙasa da Sinawa ke yawan sa biki. A kalandarsu ranar ita ce 29 ga wata na takwas, 八月廿九. Haruffan da ke nufin wata na takwas su ne dai ake rubuta Agusta da su, saboda haka fassara na iya fitowa da 29 ga Agusta, kwana 33 kafin biki. Wanda ya yanki tikiti da wannan ya yi asara. Yadda za ka gane: duba ranar mako da ke katin. 1 ga Oktoba ta faɗo Talata, 29 ga Agusta kuwa Alhamis ce. Haka sa'a ma takan zo biyu a katunan kudancin Sin: 恭候 lokacin da masu biki ke fara tarbar baƙi, 入席 lokacin zama cin abinci, kuma tazararsu na iya wuce awa ɗaya.

Wani zai ce manhajojin yanzu ba fassara kaɗai suke yi ba, har al'ada suna bayyanawa. Gaskiya ne, kuma abin da suke faɗa bai cika zama ƙarya ba: kada mace ta sa ja daga sama har ƙasa don launin amarya ne, a guji fari fat ko baƙi ƙirin don suna tuna makoki (masu son farar shadda, a kula), gudummawa kuɗi ce a jar ambulan, a kauce wa lamba 4 saboda furucinta ya yi kusa da na mutuwa, 6 da 8 kuwa ana son su. Sai dai wannan al'adar ƙasa ce gaba ɗaya, kati kuma na gida ɗaya ne. A Beijing walimar rana ake yi, a Guangzhou ta dare. A Shunde, kusa da Guangzhou, masu biki kan lanƙwasa gefen ambulan su mayar maka da kuɗinka, kuma hakan girmamawa ce. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka rubuta a katin, kyamara kuwa abin da ke rubuce take gani.

Shi ya sa amsa gayyatar ita ce wurin gyara komai. Ta WeChat ake yi, a gajarce: taya murna, sannan maimaita rana da sa'a da lambobi yadda ka fahimta, don mai gayya ya kama kuskure in akwai. Faɗi ku nawa za ku zo, domin tebur-tebur ake shirya walima, yawanci mutum goma a kowane. In katin ya ce 阖府统请, da iyalinka duka aka gayyata. Musulmi ya sanar tun wuri cewa 清真 yake ci, wato halal, don gasasshen ɗan alade na cikin manyan abincin bikin Guangdong, kuma idan ango da amarya suka zagayo teburinka ana ɗaga kofi, shayi ya wadatar. Kafin ka tura saƙon, mayar da fassararsa zuwa Hausa ko Turanci ka ga ko lambobin suna nan yadda ka sa su.