“Wa ya ɗinka miki?”: Tukuicin mai kawo ciniki da littafin da ke riƙe shi

A gidan biki ko na suna, da wuya a watse ba a ji wata ta taɓa hannun rigar ƙawarta ta ce, “Wa ya ɗinka miki?” ba. Yawancin teloli ta wannan tambaya suke samun sababbin masu ɗinki, amma kaɗan ne suka san wace ce ta turo musu wa. Wadda ta kawo mutum biyar da wadda ba ta taɓa kawo kowa ba duk “na gode” ɗaya suke samu. Maganin wannan shi ne tela ya ware wa mai kawo ciniki tukuici sananne, ya kuma riƙa rubutawa.

Tukuicin nan daban yake da la'ada. Dillali sana'arsa ce haɗa ciniki, ko ya san kayan ko bai sani ba. Ita kuwa wannan ta sa ɗinkin a jikinta, ta ji daɗinsa, shi ya sa ƙawarta ta yarda da maganarta.

Kafin a yanka tukuici sai an san riba. A ce tela tana karɓar naira 8,000 kan doguwar riga. Zare, shafi, zif, man janareto da ladan yarinyar shago sun ci 5,000, saura 3,000. Idan ta sa tukuicin 1,000, tana da 2,000 a aikin farko, kuma duk ɗinkin da sabuwar za ta kawo nan gaba ribarsa cikakkiya ce. Idan kuwa ta yi alkawarin 2,000 ga mai turowa da ragin 1,000 ga sabuwa, aikin banza ta yi. Ya fi sauƙi a ba da tukuicin a matsayin ragi a ɗinki na gaba, domin kuɗi bai fita daga aljihu ba, ga shi kuma mai turowar za ta dawo da wani yadin.

Sharaɗi ɗaya ne ba a sassautawa: ba tukuici sai sabuwar ta karɓi kayanta ta biya cif. Kafin alƙalami bai isa ba, don akwai masu ajiye atamfa su ɓace wata uku.

Littafin rubutu irin na ’yan makaranta ya wadatar. A ja layi shida a kowane shafi: kwanan wata, sunan sabuwa da lambar wayarta, sunan wadda ta turo ta, irin ɗinkin, ranar da ta gama biya, da ranar da aka ba da tukuici. Tun wurin awo za a tambaye ta, “Hajiya, wa ya kwatanta miki nan?” a rubuta a gabanta. Wannan ne ke kashe rigimar da ta fi yawa, wato mata biyu kowacce ta ce ita ta kawo ta. Sunan da sabuwar ta faɗa ranar farko shi ne a littafi. Lambar waya kuma tana tona mai dabara, wadda ke aiko da nata yadin da sunan ƙanwarta don ta ci ragi: awo iri ɗaya, lamba iri ɗaya.

Bayan wata uku a zauna a ƙirga. A ce an samu sababbi 12. Ribar aikin farko 36,000, tukuici ya ci 12,000, saura 24,000. Sai a duba nawa ne suka dawo karo na biyu. Idan bakwai ne, abin yana tafiya. Idan biyu ne kacal, matsalar tana cikin ɗinkin ko saɓa alkawari, kuma ƙara tukuici ba zai gyara ta ba.

Lokaci ma abin lura ne. Tela da keke biyu ba ta buƙatar ƙarin mutane a goman ƙarshe na azumi, sa'ad da kayan Sallah suka yi tsibi. Wadda aka turo ta zo ranar jajibiri ta tarar ko yanka ba a yi ba, ƙawar da ta turo ta ce za ta sha kunya, kuma ba za ta sake turo kowa ba. Gara a dakatar da tukuicin kafin azumi, a sanar da kowa, a buɗe bayan Sallah idan kasuwa ta yi sanyi.

A kuma tsaya a hawa ɗaya. Wadda ta kawo ita kaɗai ke da tukuici, ban da wadda ta kawo mai kawowar. ’Yan Najeriya da yawa ba su manta da MMM ba, wanda ya rufe asusun mutane a Disambar 2016. Can ana biyan na farko ne da kuɗin na baya. A shagon tela kuwa, kowace naira 1,000 da aka rage wa mai turowa tana da rigar da aka ɗinka aka biya, da layinta a littafi.