Yadda ake horar da kunne ya gane tazarar sautukan waƙa

A makarantun koyon kiɗa na ƙasashe da dama, akwai wata jarrabawa da ɗalibai suka fi tsoro, wadda ba a buƙatar su taɓa abin kiɗa ko ɗaya a cikinta. Malami ne yake kaɗa wani ɗan gajeren kari a fiyano sau uku ko huɗu, su kuma ɗalibai su rubuta abin da suka ji a takarda, kamar dai yadda ake yi wa 'yan firamare shifta.

Kafin ɗalibi ya kai ga wannan mataki, sai kunnensa ya iya auna abin da masana ke kira tazara, wato nisan da ke tsakanin sauti ɗaya da wanda ke biye da shi, ko an hau sama ko an sauko ƙasa.

Mai jin Hausa ba baƙo ba ne a wannan fage. Da hawa da saukar murya ne yake bambanta kukan da yaro ke yi da kukar da ake miya da ita, kuma da su ne makaɗin kalangu ke kiran sunan mutum. Sai dai harshe yana wadatuwa da sanin cewa murya ta hau ko ta sauka. Shi kuwa kiɗa, tambayarsa ita ce: da nawa ta hau?

Ma'aunin tazara

Ma'auni mafi ƙanƙanta a fiyano shi ne rabin taki, wato daga maɓalli ɗaya zuwa maƙwabcinsa na kusa, fari ne ko baƙi. Idan aka ƙirga rabin taki 12, za a iso ga sautin da aka fara da shi, amma a sama. Wannan ita ce tazara ta takwas, kuma a kimiyyance sautin na sama yana karkarwa ninki biyu na na ƙasa: idan na farko yana yi sau 440 a daƙiƙa, na biyu zai yi sau 880.

Daga cikin sautukan nan 12 ne ake zaɓar bakwai a ba su suna: do, re, mi, fa, so, la, ti, sannan a koma do. Asalin sunayen ya samo ne daga wani malamin kiɗa a Italiya, Guido na Arezzo, a ƙarni na 11, sannan John Curwen ya yaɗa salon amfani da su a Ingila a ƙarni na 19, daga nan suka shigo makarantun Afirka ta Yamma.

Abin lura shi ne matakan ba daidai suke ba. Tsakanin mi da fa rabin taki ne, haka ma tsakanin ti da do. Duk sauran cikakken taki ne, wato rabi biyu. Haka kuma do ba wani tsayayyen sauti ba ne. Shi ne gidan da karin waƙar ke komawa ya huta, ko da murya babba aka rera ko da ƙarama.

Waƙa ɗaya, tazara da yawa

Dabarar da malamai suka daɗe suna amfani da ita ita ce ɗaure kowace tazara ga wata waƙa da ɗalibi ya riga ya haddace. Dalili kuwa shi ne mutum na iya rera tazarar daidai tun yana yaro ba tare da ya san sunanta ba.

Misali mai kyau shi ne waƙar nan ta taya murnar zagayowar ranar haihuwa, wadda karinta ya fito daga hannun wasu 'yan'uwa mata biyu a Amurka, Mildred da Patty Hill, a 1893. Ga layuka ukun farko, inda alamar da ke gaban suna ke nuna sautin sama:

```
so so la so do' ti
so so la so re' do'
so so so' mi' do' ti la
```

A layin farko, hawa daga so zuwa la cikakken taki ne. Tsallen da ke tsakanin sauti na huɗu da na biyar, daga so zuwa do, shi ne tazara ta huɗu, mai rabin taki biyar. Saukowar ƙarshe kuma, daga do zuwa ti, rabin taki ne kacal.

Layi na biyu ya fara kamar na farko, amma tsallensa ya fi nisa: daga so zuwa re, rabin taki bakwai, wato tazara ta biyar. A nan ne amfanin waƙar ya fi fitowa, domin ta jera tazarar nan biyu kusa da juna, su ne kuma waɗanda sababbin ɗalibai suka fi rikitawa. Rikicin yana da tushe. Daga do zuwa so na sama tazara ta biyar ce, amma daga wannan so zuwa do na gaba ta huɗu ce. Sunayen sautukan ɗaya ne, an dai juya su ne, shi ya sa kunne ke jin su kamar Hassan da Hussaini.

A layi na uku kuwa tazara ta takwas ce, daga so zuwa so na sama. Duk wanda ya taɓa jin jama'a na rera waƙar a wajen biki ya san a nan ne muryoyi ke watsewa, musamman idan an faro ta da sama.

Yadda ake aikin shi ne ɗalibi ya danna kowane maɓalli a fiyano, ya ɗauke shi a matsayin so, ya rera tsallen da bakinsa, sannan ya ƙirga rabin taki biyar ko bakwai ya danna don ya ji ko ya dace. Sai ya canja maɓalli ya sake. Rerawa da baki ita ce ginshiƙi, saboda wanda ke saurare kawai yana iya yin canki-canki ya dace, amma wanda ya rera ba shi da wurin ɓuya.

Inda dabarar ke gazawa

Da yawa daga cikin malaman wannan fanni na gargaɗin cewa waƙoƙin sanda ce ta koyon tafiya, ba ƙafa ba. Matsala ta farko ita ce lokaci. Kafin ɗalibi ya binciko waƙar da ta dace da sautuka biyun farko, malami ya riga ya kaɗa bakwai.

Ta biyu ta fi zurfi. Tazara ɗaya takan canja ɗanɗano gwargwadon inda ta faɗo. Daga so zuwa do da kuma daga do zuwa fa duk rabin taki biyar ne, amma na farko ji ake kamar an dawo gida, na biyu kuwa kamar an fita. Wanda ya saba da na farko kaɗai zai iya jin na biyu ya kasa gane shi.

Ta uku ita ce kuskure ɗaya yana lalata duk abin da ya biyo baya. Idan mutum yana auna kowane sauti daga wanda ya gabace shi, ya kuskure da rabin taki a na uku, to daga nan har ƙarshe komai ya goce.

Saboda haka mataki na gaba shi ne a daina auna sauti daga maƙwabcinsa, a koma auna shi daga do. Wannan ne tafarkin da tsarin Zoltán Kodály na ƙasar Hungary ya bi, inda ake fara wa yara da sautuka biyu kawai, so da mi, sannan a ƙara la, sai do da re.

Shifta a aikace

Akwai wani kari da kusan duk wanda ya riƙe wayar salula a farkon zuwanta ya sani, wato kukan wayar Nokia. An yanko shi ne daga wani kiɗan jita da Francisco Tárrega na Spain ya tsara a 1902. Sautuka 13 ne, kuma ya isa gwaji.

A sauraro na farko, ba a rubuta komai. Ana neman abu biyu ne: inda karin ya huta, da yadda bugunsa ke tafiya. Sautin ƙarshe mai tsawo shi ne do. Bugun kuwa uku-uku ne, gaɓa huɗu, kuma a gaɓoɓi ukun farko akwai sautuka biyu masu sauri da biyu masu jinkiri.

A sauraro na biyu, a zana siffar tafiyar. Kowace daga cikin gaɓoɓin uku takan sauko kaɗan, ta yi babban tsalle ƙasa, sannan ta ɗan hau. A na uku kuma, a kama sautin farko na kowace gaɓa a auna shi daga do: za a sami so, mi, re, do. Waɗannan su ne ginshiƙai, sauran cike gurbi ne. A nan alamar waƙafi na nuna sautin ƙasa:

```
so fa la, ti,
mi re fa, so,
re do mi, so,
do
```

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar sautin farko a matsayin do. Ana iya gano shi nan take, domin sauti na biyu cikakken taki ne ƙasa da na farko, alhali abin da ke ƙasa da do rabin taki ne. Wani kuskuren shi ne a gaɓa ta uku, inda hannu ke son maimaita abin da ya gabata ya rubuta mi da fa. Amma hawan nan ya fi faɗi, rabin taki uku ne, kuma shaidar ita ce tsallen ƙarshe zuwa do, wanda shi ne dai tazara ta huɗu ta waƙar ranar haihuwa.

Mai son tabbatarwa zai iya kaɗa shi a fararen maɓallai kaɗai, idan ya fara daga G, ya ƙare a C.

Gaskiya dai wannan rabin shifta ce, tun da an riga an san karin. Cikakkiyar tana farawa ne idan aboki ya kaɗa sautuka uku ko huɗu da ba a taɓa ji ba, daga cikin do, re, mi, so da la, bayan ya fara jiyar da do. Ɗalibi ya rera su tukuna, sannan ya rubuta. Idan ya kasa rerawa, matsalar ta riƙewa ce, sai a rage tsawon. Idan ya rera daidai amma ya rubuta ba daidai ba, matsalar ta sanya suna ce, sai a koma ga auna kowane sauti daga do. Fa da ti, masu rabin taki, su ake shigarwa daga baya. Minti goma zuwa goma sha biyar a kullum sun fi awa biyu a rana ɗaya, domin kunne na saurin gajiya.

Sai dai ma'aunin rabin taki 12 ba na duniya duka ba ne. Kiɗan Larabawa yana da tazarar da ta faɗo tsakanin maɓallan fiyano, kamar a maƙamin Rast da Bayati. Goge da kukuma ma ba su da maɓalli, yatsa da kunnen makaɗi ne ke yanke inda sauti zai tsaya. Wanda ya yi ƙoƙarin rubuta waƙar Mamman Shata ko ta Ɗan Maraya Jos da do, re, mi zai iya kama ƙashin bayan karin, amma zai tarar da wurare da dama da muryar ke zamewa daga sauti zuwa sauti tana bin hawa da saukar kalmomin Hausa, inda babu sunan da zai ɗora musu.